Hoton Golmo a Kilobayit Ɗari

Shagon Ebenezer yana bayan tashar Zuru, tsakanin mai gyaran babur da wata mata mai kunun zaƙi. Kwamfuta biyu ne a ciki, da firinta, da ƙaramin janareto ɗaure da sarƙa a bakin ƙofa. A shekarar 2008 duk mai son katin biki ko kalandar jana'izar tsohon soja, nan yake zuwa. Intanet kuwa ta wani ɗan modem take shigowa, mai kama da yatsa, wanda ake sa wa layin waya. Ebenezer ya ɗaure shi a ƙarfen taga da igiyar roba, don nan ne kaɗai yake ɗan kama sabis. Ran da ya ga dama sai ya yi tafiyar hawainiya, ran da bai ga dama ba ko motsi ba ya yi.

Mutanen gari sun san Ebenezer da kwamfuta, amma waɗanda suka yi sakandare da shi da zane suka san shi. Ɗan barikin soja ne, ya tashi da fensir a hannu, kuma shi ne yake zana taswira da ƙashin mutum a allo in malami ya gaji. A bencinsu akwai wani yaro daga ƙauyukan kan dutse, Mika, wanda ya zo da Hausa a karye da hannu mai kanta. Mika yakan leƙo littafin Ebenezer ya kwaikwaya. Ebenezer ne ya nuna masa yadda ake kwantar da fensir a yi inuwa, da yadda ake auna tsayin mutum da kansa. Daga baya Ebenezer ya tafi Kaduna ya karanto kwamfuta, ya dawo ya buɗe shago, fensir ya kwanta a akwati. Mika bai je ko'ina ba. Ya zama mai rubuta allunan shaguna da zanen bayan manyan motoci, yana noma da damina. Abotarsu ba ta yanke ba, kuma a cikinta kowa ya san wane ne malami.

Sai wata 'yar gari da ke aiki a Abuja, Hajiya Asiya, ta zo bikin ƙanwarta. Ta buɗe wani shafi a intanet inda take sa hotunan aikin masu zane na Arewa don masu saye su gani. A shagon Ebenezer aka buga katin bikin, saboda haka da ta zo karɓa, ya yi ta maza ya fito mata da tsofaffin zane-zanensa na makaranta. Ta duba, ta ce madalla, hannunka yana da tsabta, ta mayar masa. Washegari ta shiga wani gidan abinci ta ga allon da Mika ya jingina a bango yana jiran ya bushe, ta manta da tuwon da ta zo ci. Ta sa aka nemo mata shi.

Ran Laraba Mika ya shigo shagon da allon a kansa, an naɗe shi da zanen matarsa.

"Eben, ka ji abin da ya same ni?" Yana haki yana dariya. "Matar nan ta ce in sa wanga aiki a shafinta. Ta ba ni suna da lambar shiga, ga su a takarda. Ni ko mi na sani? Na ce ina da mutum."

"Na ji labari," in ji Ebenezer. "Buɗe mu gani."

Mika ya yaye zanen. Golmo ya zana, wato noman da samarin ƙasar ke yi wa surukansu kafin a ba su mata. Samari ne a jere sun duƙa da garma a gonar dawa, bayansu yana ƙyalli da gumi, tsoho yana zaune kan dutse yana kallonsu kamar mai ƙirga awaki. Can bayansu tudu ne, kuma sama ta taso daga ja ta bi ta ruwan goro har ta zama shuɗi, ba ka iya nuna inda wannan launi ya ƙare wancan ya fara. Da fentin alluna ya yi shi, irin na gwangwani.

Ebenezer ya daɗe yana kallo. Ya nemi inda hannu ya fi ƙafa tsawo, ko inda inuwa ta faɗi ba daidai ba, bai samu ba.

"Ba laifi," ya ce. "Ka yi ƙoƙari."

Mika ya ji daɗin wannan kalma fiye da duk abin da Hajiya ta faɗa, kuma Ebenezer ya ga haka a fuskarsa.

Suka fitar da allon inuwar bango, inda rana ba za ta yi walƙiya a kan fentin ba. Ebenezer ya ɗora kyamararsa a kan kujera don kada hannu ya girgiza, ya daidaita ta da tsakiyar allon, ya kashe filasha, ya ɗauka. Da suka zuba a kwamfuta, hoton ya fito faɗinsa fikisel dubu uku da 'yan kai, nauyinsa megabayit uku.

"To a tura," in ji Mika.

"Haka ake turawa?" Ebenezer ya buɗe shafin, suka jira ya gama bayyana. "Karanta nan. Ta ce kada hoto ya wuce kilobayit ɗari. Namu ya ninka haka sau talatin. Ko da ta yarda, wanga modem sai ya yi kusan rabin awa yana ja, kuma kafin ya kai ya yanke. A ce ma ya shiga, wa zai zauna jira ya buɗe? Masu kallo da yawa irin layinmu gare su. Mutum ya ga hoto yana saukowa kamar ana tatsar busasshiyar saniya, rufewa zai yi ya wuce."

"To yaya za a yi?"

"Rage shi za a yi. Amma a rage da hankali."

Ya ji daɗin bayanin, don a nan dai har yanzu shi ne malami. Ya nuna wa Mika cewa kowane hoto ɗigo-ɗigo ne, kuma fuskar kwamfutar yawancin mutane ba ta wuce ɗigo dubu da ɗan abu a faɗi ba, saboda haka sauran dubu biyun kaya ne kawai da ba mai gani. Ya nuna masa iri uku na ajiye hoto. Ya gwada GIF, sai samar nan mai laushi ta rabe layi-layi kamar zanen saƙi.

"Wayyo, mi ya sami samata?"

"Wannan launi ɗari biyu da hamsin da shida kawai ya sani. Na tambari ne da rubutu, ba na irin wanga aiki ba."

Ya gwada PNG, hoton ya fito tas, amma nauyinsa ya kusa megabayit ɗaya ko bayan an rage faɗin. Saura JPEG, wanda ke zubar da abin da ido ba ya lura da shi, kuma kai ne za ka gaya masa yawan abin da zai zubar.

Mika ya dubi rana. Yana da motar da zai yi wa zane a Mahuta, mai ita yana jiransa a tasha.

"Ni dai na bar maka," ya ce, yana naɗe allonsa. "Abin da ka yi daidai ne. Jibi in na dawo mu gani tare."

Da ya fita, Ebenezer ya ajiye asalin hoton a wuri dabam, ya yi aiki a kan kwafi, don ya san JPEG duk sanda ka sake ajiye shi sai ya ƙara lalacewa. Ya yanke gefen bangon da ya shigo. Ya rage faɗin zuwa ɗari takwas, ya sa inganci a sittin, sai nauyin ya ƙi sauka ƙasa da ɗari da talatin, saboda ganyen dawa ya yi yawa, kuma ƙananan abubuwa su ke cin wuri. Ya sauke ingancin zuwa arba'in, nauyi ya faɗo, amma gefen garemanin ya fara yin ƙura-ƙura kamar sauro ya taru. Ya koma. Ya gwammace ya rage faɗin zuwa ɗari bakwai ya bar ingancin a hamsin da biyar. Ragewar ta sa hoton ya ɗan yi laushi, kamar yadda take yi kullum, sai ya ƙara masa kaifi kaɗan. Da ya zarce, farin zare ya fito a gefen tudun kuma nauyi ya hau, ya ja da baya har zaren ya ɓace. Kilobayit casa'in da huɗu.

Ya jingina da kujera. A ƙaramin hoton ma gumin yana ƙyalli, idon tsohon yana nan da rowarsa. Aiki ya yi kyau, kuma kyawun ne ya dame shi. Ya yi awa guda yana leƙa kowane lungu na zanen, ya ga abin da ko Hajiya ba ta gani ba: yadda Mika ya sa ɗigon kore a cikin inuwar wuya, yadda ya bar wani wuri ba fenti don katakon ya zama ƙasa. Ba shi ya koya masa wannan ba. Shi kansa bai san ana yi ba.

Ya tuna yadda matar ta miƙo masa zanensa, hannunka yana da tsabta, kamar ana yabon mai wanki. Ya hango Mika a Abuja cikin sabuwar riga, ana tambayarsa wa ya koya maka, yana cewa baiwa ce daga Allah. Ya hango kansa a nan, yana manna fuskar amarya a cikin furen roba har tsufa.

Hannunsa ya koma kan linzamin kwamfutar. Da farko wasa ne, yana so ya ga iyakar abin. Ya buɗe wani kwafi ya matse shi zuwa faɗin ɗari biyu da hamsin, sannan ya sake ja shi ya koma ɗari bakwai. Abin da aka zubar ba ya dawowa, saboda haka fuskokin suka narke. Ya ja ingancin har ƙasa. Sama ta farfashe ta zama murabba'i-murabba'i, dawa ta zama kunun kore, samarin suka koma kamar buhunan da aka jingina. Kilobayit goma sha tara.

Ya dubi hotunan biyu gefe da gefe. Ai ita ta ce a rage, in ji zuciyarsa. Ai layin ba shi da ƙarfi, mai nauyin zai iya yankewa. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, casa'in da huɗu ba ta fi ƙarfin modem ɗin ba. Ya zaɓi na biyun ya danna. Kafin mai kunu ta gama zuba masa kofi ɗaya, ya shiga.

Ran Juma'a Mika ya zo da matarsa Keziya, ta goyo 'yarsu Glory, ta ci kwalliya kamar za ta coci. Suka tsaya bayan kujerar Ebenezer shafin yana buɗewa a hankali. Aikin wani mutumin Zariya ya fara fitowa, mata a bakin rijiya, tas da shi. Sai na wata daga Jos, shi ma garau. Sannan sunan Mika ya bayyana, Keziya ta yi 'yar guɗa, hoton ya biyo baya daga sama zuwa ƙasa.

Keziya ta ƙara leƙowa.

"Bai gama buɗewa ba ne?" in ji Keziya.

"Ya gama," in ji Ebenezer. Bai juyo ba. "Haka intanet take. Dole a matse."

Ya shirya wa faɗa. Ya tanadi kalmomin Turanci masu nauyi da zai jefa in an tuhume shi. Amma Mika bai tuhumi kowa ba. Ya sunkuyo ya dubi na Zariya, ya dubi nasa, ya sake duban na Zariya.

"Su ma an matse nasu, ko?"

"An matse."

"To ka gani." Mika ya yi wata dariya marar daɗi. "Nasu ya jure, nawa bai jure ba. Aikin ƙwarai ko an matse shi yana nan. Su da fentin masu zane suke yi, sun yi makarantar abin. Ni da fentin ƙofa. A bangon gidan tuwo ne yake da kyau, da aka jera shi da na mutane ga shi nan ya nuna kansa." Ya dafa kafaɗar Ebenezer. "Ka yi haƙuri, na ɓata maka lokaci. Da ma ka ce ba laifi, ban gane ba."

Gaskiyar magana, a wannan rana Ebenezer ya ji sanyi a ransa. Ya saya wa 'yar Mika biskit, ya raka su har bakin hanya, ya ce kada a karaya, a ci gaba da ƙoƙari, in Mika yana so ma zai riƙa duba masa aikinsa kamar da. Ya dawo ya ci abinci da yawa. Kwana biyu yana fito a shago.

Ran Litinin da hantsi Keziya ta dawo ita kaɗai, ba kwalliya. Ta ƙi zama.

"Yaya Eben, tambaya na zo yi. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma tun ran nan abin yana cina. Kalandar Baba da ka yi muna bara, hoton da muka kawo duk ya koɗe, ka gyara shi har ana ganin tsagen fuskarsa. Kai ne ka tura wa ƙanensa a Legas ta wanga abu na taga, ya ce ya gani sarai. To don mi na Baban Glory kaɗai ya zama haka?"

"Wancan dabam, wannan dabam. Ba za ki gane ba."

"Ƙila." Ta gyara goyonta. "Amma ka san abin da yake yi yanzu? Mai kemis ya ba shi aikin allo, shi kuma Baban Glory ya ce ba zai sayi sabon katako ba alhali ga na Golmo yana zaune banza. Tun safe ya aika a sayo sanfefa zai goge fentin. Na yi magana ya ce in bar shi. Kai yake jin maganarka."

Ebenezer ya miƙe har kujera ta faɗi. Bai ko rufe shagon ba, ya ce wa mai gyaran babur ya duba masa, ya tare ɗan acaɓa.

Ya tarar da Mika a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, allon a kwance kan turmi biyu. Ya riga ya goge ɓangaren hagu. Tsohon da dutsensa sun tafi, samari biyu sun tafi, rabin sama ya zama gari mai launi a ƙasa, kaji suna tono a ciki.

"Tsaya! Mika, tsaya!"

Mika ya ɗago, gashin girarsa duk ƙura. "Lafiya?"

"Zo mu je shago. Ajiye wannan, zo."

A shago ya buɗe masa hoton kilobayit casa'in da huɗu. Mika ya zauna a hankali. Ya kai yatsa kusa da gilashin, wajen fuskar tsohon da ya goge ɗazu.

"Wanga fa?"

"Shi ne wanda ya kamata a tura. Ƙasa da ɗari yake, zai shiga."

"Yaushe ka yi shi?"

A nan Ebenezer yana iya cewa yau da safe. Amma kwanan wata yana rubuce a gefen sunan hoton, kuma Mika ya iya karatu.

"Ran Laraba. Kuskure na yi, na ɗauki wancan a madadin wannan."

"Ran Juma'a fa, da muka tsaya a bayanka?"

Mika ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake yi wa abu kafin ya zana shi.

"Tun muna aji ɗaya ban taɓa ganin ka yi kuskure a irin wanga abu ba," ya ce. Muryarsa ba ta tashi ba. "Tura shi."

Ebenezer ya shiga shafin ya cire mummunan, ya zaɓi mai kyan. Ranar kasuwa ce, layi ya cunkushe. Ya kai rabi ya yanke. Ya sake, ya yanke. Ya kwance modem ɗin daga taga, ya ƙara masa doguwar waya, ya ba Mika ya riƙe shi sama a bakin ƙofa. Haka Mika ya tsaya da hannu a sama, bayansa ga Ebenezer, masu wucewa suna kallonsa, har abin ya cika. Suka sake buɗe shafin don su tabbatar. Samar ta fara saukowa, ja, ruwan goro, shuɗi, sai tudu, sai bayan samari. Bai kai minti ɗaya ba ya cika fuskar kwamfutar, kuma ko kusa da na Zariya bai ji kunya ba.

Mika ya ajiye modem ɗin a kan tebur. "Babban hoton, na farko, yana nan?"

"Yana nan. Ban taɓa shi ba."

"Buga mani shi a takarda, mafi girman da injinka ke iyawa. Ɓangaren hagu ka buga shi dabam, ka matso da shi."

A nan megabayit ukun suka yi amfani. Ebenezer ya yanko fuskar tsohon daga asalin hoton, ta cika takarda guda ba ta fashe ba, har sawun burushi ana gani. Mika ya karɓa, ya tambayi kuɗin bugu. Ebenezer ya ce haba, a bar shi. Mika ya ajiye kuɗin a kan firinta ya fita.

Bayan kamar mako biyu Hajiya Asiya ta bugo wa Mika waya. Wani mai otal a Abuja ya ga hoton yana son allon. Mika ya gaya mata ya sami matsala, a ba shi wata guda. Ya sayi sabon katako ya yi wa mai kemis aikinsa, sannan ya koma kan Golmo da takardun nan a manne a jikin mangwaro. Ebenezer bai ga yadda ya ƙare ba. Mai gyaran babur ne ya ba shi labari, wai ranar da za a sa allon a mota mutane sun taru a tasha suna kallo, wai sabon tsohon ya fi na da, har wata mata ta rantse kakanta ne.

"Abokinka ya zama babban mutum," in ji mai gyaran. "Kai ma ka sami lada, ai kai ka sa shi a kwamfuta."

"Haka ne," in ji Ebenezer, ya koma ciki.

Mika bai gaya wa kowa ba. Ko Keziya, in ta sani, ba ta nuna ba, sai dai gaisuwarta ta gajarce. In sun haɗu a coci Mika yakan miƙa masa hannu, ya tambayi aiki, ya tambayi Mama, mahaifiyar Ebenezer, ya wuce. Da Ebenezer ya so a zage shi a tasha kowa ya ji, da ya fi masa sauƙi. Ya ɗauko tsohon akwatinsa ya sayi fenti, ya rufe shago da wuri na 'yan kwanaki yana gwada zana kasuwar Zuru. Komai ya zauna daidai, tsayi daidai, inuwa daidai, amma mutanen ciki kamar an ce musu kada su motsa. Ya juya zanen ya fuskanci bango.

Da kaka ta yi, ya ji an ce Mika ya gama sababbin zane uku. Ya share kyamararsa, ya yi cajin batir, ya zauna jira. Duk babur da ya tsaya a ƙofa sai ya ɗaga kai. Mika bai zo ba. Wata rana ya buɗe shafin Hajiya, sai ga su nan an riga an sa. Ya tambaya a tasha, aka ce ai Mika mota yake shiga da allunansa har Kontagora, wajen wani mai kwamfuta da ake kira Philip.

Ebenezer ya zauna ya duba aikin Philip ɗin. Hoton farko an ɗauke shi da filasha, farin tabo ya zauna a tsakiyar rafin da Mika ya zana. Na biyu an cika masa kaifi har kowace bishiya ta yi farin rawani. Na uku kuwa, mata masu sussukar dawa, an ajiye shi da GIF don ya shiga ƙa'idar nauyi, ƙurar da ke tashi daga masussuka ta zama tsani-tsani.

"Dubi wannan," ya ce da ƙarfi, ko da yake ba kowa a shagon. "Dubi abin da ya yi wa ƙurar nan! Wa ya koya wa wannan aiki?"

Ya san yadda ƙurar take a allon ko bai gani ba. Ya san faɗin da zai ba ta, da inda zai tsayar da ingancin, da ɗan kaifin da zai isa. Minti ashirin ya ishe shi. Wani can a Kontagora, wanda bai san Mika yana riƙe fensir kamar garma ba sanda ya zo sakandare, shi ne yanzu yake fara ganin kowane sabon zane, shi yake zama da shi shi kaɗai yana leƙa lungunansa, kuma bai ma san abin da yake kallo ba.

Ya ɗauki wayarsa ya nemo lambar Mika. Ya rubuta cewa hoton na uku ba a yi shi daidai ba, in an kawo asalin zai gyara kyauta. Ya karanta, ya goge kyauta. Ya sake karantawa, ya tura.

Amsar ta zo da la'asar, yana tsakiyar yi wa wani kofur katin suna.

"Na gani. Haka nan ma ya isa. Gai da Mama."

Kofur ɗin ya ƙwanƙwasa tebur ya ce sunan jaririyar Dinah ne, da h a ƙarshe, a gyara kafin a buga. Ebenezer ya kifa wayar, ya ja kujera, ya ƙara harafin.